Nawa Za a Saya? Lissafin Girman Ciniki a Kasuwar Canji

Girman ciniki shi ne adadin abin da ɗan kasuwa zai saya ko ya sayar a shiga ɗaya: yuro nawa, zinare nawa, hannun jari nawa. A kasuwar canjin kuɗi ta intanet, wadda ake shiga ta waya ko kwamfuta, akwai wani ɗan akwati da ake rubuta wannan adadi a ciki kafin a danna saye ko sayarwa. A manhajar MetaTrader sunan akwatin Volume. Sababbin shiga kan cike shi da ka, gwargwadon yadda zuciya ta kwanta da cinikin. Amma adadin yana da lissafi, kuma daga abubuwa uku yake fita: kuɗin da ke cikin asusu, kason da mutum ya yarda ya rasa idan cinikin ya ɓaci, da nisan da ke tsakanin farashin shiga da farashin da za a fita idan kasuwa ta juya baya.

Na farko a jeri shi ne kason kasada. Tun kafin ya kalli kasuwa, ɗan kasuwa yana yanke wa kansa ƙa'ida cewa ciniki ɗaya ba zai ci masa fiye da kaza cikin ɗari na jarinsa ba. Abin da aka fi koyarwa shi ne kashi 1 ko kashi 2 cikin 100. Alexander Elder, likitan ƙwaƙwalwa da ya koma harkar kasuwa kuma ya yi rubuce-rubuce a kanta, ya shahara da ƙa'idar kashi 2 a matsayin iyakar da ba a tsallakewa. Mai dala 2,000 a asusu, idan ya zaɓi kashi 1, to dala 20 ce kuɗin kasadarsa. Wannan dala 20 ba ita ce kuɗin da zai zuba a cinikin ba. Ita ce abin da zai fita daga aljihunsa idan hasashensa ya kuskure. Bambancin nan shi ne wurin da mutane da yawa ke fara ruɗewa, domin mutum yana iya riƙe kayan dala 5,000 alhali abin da ya sa a bakin wuta dala 20 ce kawai.

Dalilin ƙanƙanta kason yana cikin yadda asara ke zuwa a jere. A ɗauki ɗan kasuwar da rabin cinikinsa ke cin riba, rabi ke faɗuwa, kamar jefa kwabo. Lissafi ya nuna cewa a cikin ciniki 100, yiwuwar ya faɗi sau biyar a jere ta kai kusan kashi 81 cikin 100, ta faɗuwa sau shida a jere kuma ta haura rabi. Ke nan jerin asara abu ne da ake zuba ido a jira zuwansa, kamar yadda manomi ke sanin cewa damina ba ta rasa 'yan kwanakin fari. Abin tambaya shi ne me zai rage bayan ya wuce. Mai kasadar kashi 1, ko da ya faɗi sau goma a jere, abin da ya zube bai kai kashi 10 na jarinsa ba: dala 2,000 ta koma kusan 1,809. Mai kashi 2 zai rage da kusan 1,634. Mai kashi 10 kuwa zai tashi da kusan 697, kuma kafin ya koma inda ya fara sai ya ninka abin da ke hannunsa kusan sau uku. Ramin asara ya fi sauƙin faɗawa a kan fitowa: wanda ya rasa rabin jarinsa, ribar kashi 50 ba za ta mayar da shi ba, sai ya ci kashi 100 na abin da ya rage.

Akwai wata fa'ida da ke ɓoye cikin amfani da kaso maimakon tsayayyen adadi. Tun da daga abin da ke asusu a yanzu ake cire kason, kuɗin kasada yana raguwa da kansa idan jari ya ragu, yana ƙaruwa idan jari ya ƙaru. Asusun dala 2,000 da ya sauka zuwa 1,800, kasadarsa ta gaba dala 18 ce. Wannan ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa wanda ya sha kaye, wato ya ƙara girman ciniki don ya fanshe a bugu ɗaya.

Abu na biyu shi ne iyakar asara, wadda ake gani a allo da sunan Stop Loss ko S/L. Umarni ne da ake bar wa dillali cewa idan farashi ya kai wuri kaza, a rufe cinikin. Ana ɗora ta a wurin da, idan farashi ya kai can, dalilin shiga cinikin ya rushe: ƙasa kaɗan da inda farashi ya taɓa sauka ya dawo, ga mai saye, ko sama kaɗan da inda ya taɓa hawa ya juyo, ga mai sayarwa. Wasu kuma suna auna ta da yawan kai-komon da kasuwar ta saba yi a rana, ta hanyar ma'aunin ATR da J. Welles Wilder ya fitar a 1978. Ko wace hanya aka bi, kasuwa ce ke nuna wurin iyaka, kuma ana tsayar da ita kafin a san girman ciniki. Wanda ya fara zaɓar girma, sannan ya matso da iyaka kusa don asarar ta yi daidai da aljihunsa, ya gina ɗaki ne daga jinka. Ɗan motsin da kasuwa ke yi kullum zai taɓa iyakar ya fitar da shi, sau da yawa kafin farashi ya tafi inda ya yi hasashe tun farko.

Nisan iyaka ana ƙirga shi da wani ɗan ma'auni da ake rubutawa pip, wanda za a iya kira taku. A yawancin kuɗaɗe, taku ɗaya shi ne motsin lamba ta huɗu bayan ɗigo, wato 0.0001. Idan farashin yuro da dala, EUR/USD, ya tashi daga 1.0850 zuwa 1.0851, ya yi taku ɗaya. Shi kuma girman ciniki ana auna shi da lot. Lot ɗaya cikakke yuro 100,000 ne, lot 0.10 yuro 10,000, lot 0.01 yuro 1,000, kuma wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta da yawancin dillalai ke karɓa. Mai riƙe da yuro 100,000, duk taku ɗaya yana ƙara masa ko ya rage masa dala 10, tun da 100,000 sau 0.0001 goma ne. Mai lot 0.01 kuwa, takunsa senti 10 ne.

Da waɗannan a hannu, lissafin layi biyu ne:

```
kuɗin kasada = jari × kason kasada
girman ciniki = kuɗin kasada ÷ (nisan iyaka × darajar taku a lot ɗaya)
```

Ga yadda yake tafiya a aikace. Wata 'yar kasuwa tana da dala 2,000, ƙa'idarta kashi 1, kuɗin kasadarta dala 20. Ta duba EUR/USD, ta ga wurin saye a 1.0850. Ta lura cewa sau biyu farashi yana sauka kusa da 1.0820 yana dawowa, don haka ta ɗora iyakarta a 1.0810, ƙasa kaɗan da wurin. Nisa taku 40 ke nan. Da za ta sayi lot ɗaya cikakke, taku 40 sau dala 10 zai zama dala 400, kashi 20 cikin 100 na dukan jarinta a ciniki guda. Sai ta raba 20 da 400, ta sami 0.05. Wannan shi ne abin da za ta rubuta a akwatin: lot 0.05, wato yuro 5,000, wanda darajarsa a wannan farashi dala 5,425 ce. Kafin ta danna, tana juya lissafin ta baya don ta tabbatar: a lot 0.05, taku ɗaya senti 50 ne, senti 50 sau 40 kuma dala 20. Wannan juyawar ba ta cin minti guda, amma ita ce ke kama yawancin kurakuran sifili da ɗigo.

Abin lura shi ne yadda girman ke canzawa idan iyakar ta canza, alhali asarar tana nan inda take. Da iyakarta taku 20 ce, da ta sayi lot 0.10. Da taku 80 ce, lissafi zai ba ta 0.025. Manhaja ba ta karɓar wannan adadi a wurin yawancin dillalai, sai 0.02 ko 0.03. A nan ƙa'ida ita ce a sauko ƙasa: 0.02 zai sa asararta dala 16, 0.03 kuma dala 24, wadda ta tsallake iyakar da ta yanke wa kanta. Saboda haka maganar da ake yawan ji cewa iyaka mai nisa ta fi haɗari ba ta tsaya ba ga wanda ke yin wannan lissafi. Iyaka mai nisa tana zuwa da ƙaramin ciniki, ta kusa tana zuwa da babba, kuɗin da ke bakin wuta ɗaya ne.

A duk lissafin nan ba a ambaci ninkin da dillali ke bayarwa ba, wanda ake gani da sunan Leverage, kuma da gangan ne. Ninki yana yanke adadin kuɗin jingina ne kawai, wato abin da dillali zai riƙe daga asusu muddin cinikin yana buɗe. A cinikin dala 5,425 ɗin nan, ninkin 1:30 yana buƙatar jinginar kusan dala 181, ninkin 1:100 kusan dala 54, ninkin 1:500 kusan dala 11. A dukan ukun, idan farashi ya taɓa 1.0810, dala 20 ce ta tafi. Haɗarin babban ninki yana cikin ƙofar da yake buɗewa: da 1:500, asusun dala 2,000 yana iya ɗaukar lot biyar, inda taku 40 kacal zai share shi tas. Mai kallon kuɗin jingina yana cewa ai dala 11 kawai ya sa, ma'aunin da ba shi ba yake dubawa. A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta ƙayyade ninki a 1:30 ga ƙananan 'yan kasuwa a manyan kuɗaɗe, bayan binciken hukumomin ƙasashenta ya nuna cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na irin waɗannan asusu asara suke yi.

Inda lissafin ya fi lalacewa a hannun mutane shi ne darajar taku. Dala 10 a lot ɗaya gaskiya ce kawai idan dala ce kuɗi na biyu a cikin biyun da ake canzawa, kamar EUR/USD ko GBP/USD, kuma asusun ma na dala ne. A USD/JPY, taku shi ne lamba ta biyu bayan ɗigo, 0.01, darajarsa a lot ɗaya kuma yen 1,000 ce, wadda sai an mayar da ita dala. Idan dala ɗaya tana yen 150, takun ya zama kusan dala 6.67, kuma kasadar dala 20 a nisan taku 40 za ta ba da 0.075, a sauko zuwa 0.07. Zinare, XAUUSD, wani abu ne dabam. A wurin yawancin dillalai lot ɗaya oza 100 ne, don haka motsin dala ɗaya a farashin oza yana nufin dala 100. Idan iyaka tana da nisan dala 8, lot ɗaya zai ci dala 800, kuma 20 a raba da 800 ya ba da 0.025, wato 0.02. Wanda ya saba rubuta 0.10 a yuro, ya kawo wannan sabo kan zinare, ya sa dala 80 a kasada yana zaton 20 ce. Girman lot na kowane kaya yana rubuce a shafin bayaninsa cikin manhaja, a layin Contract size, kuma dubawa ta fi zato, domin dillalai ba su zama ɗaya ba.

Kusa da wannan akwai tarkon lamba ta biyar. Yawancin dillalai yanzu suna nuna farashi kamar 1.08500, kuma manhaja tana ƙirga nisa da wannan lamba ta ƙarshe, wadda goma daga cikinta ne taku ɗaya. Nisan taku 40 yana iya bayyana a allo a matsayin 400. Wanda ya ga 400 ya ɗauka taku ne zai yi ciniki ƙarami sau goma fiye da yadda ya kamata, wannan da sauƙi. Wanda ya ɗora iyakarsa a 40 na allo yana zaton taku 40 ne, iyakar taku huɗu ya ɗora, kuma da wuya ya daɗe a kasuwa.

Sai kuma kuɗin dillali. Akwai rata tsakanin farashin saye da na sayarwa, wasu dillalai kuma suna cire kamasho a kan kowane lot. Idan an auna nisa daga ainihin farashin da aka shiga da shi, ratar ta riga ta shiga lissafi. Idan daga zanen farashi aka auna, sai a ƙara ta. A iyakar taku 40, ratar taku ɗaya ba ta canza abu mai yawa. A iyakar taku 5, kashi ɗaya cikin biyar na dukan nisan ce, kuma wannan yana daga dalilan da suka sa iyaka matsattsiya ke da tsada fiye da yadda ake gani.

Wani lokaci amsar da lissafin ke bayarwa ita ce kada a shiga. Mai dala 100 a asusu, kashi 1 nasa dala ɗaya ce. Ciniki mafi ƙanƙanta, lot 0.01, a nisan taku 40 yana cin dala 4, wato kashi 4 cikin 100. Babu dabarar da za ta daidaita waɗannan lambobi. Ko dai ya nemi irin asusun da ake ƙirgawa da senti, inda girman ciniki ke sauka ƙasa da haka, ko ya bar cinikin ya wuce, ko kuma ya shiga da sanin cewa ya ninka ƙa'idarsa sau huɗu. Wannan ita ce ainihin matsalar ƙananan asusu, kuma masu tallata kasuwar da cewa da kuɗi kaɗan ma ana farawa ba su cika ambaton ta ba.

Lissafin bai taƙaita ga canjin kuɗi ba. A hannun jari ma ya fi sauƙi, tun da babu lot babu taku. Mai naira 500,000 da ƙa'idar kashi 1 yana da naira 5,000 ta kasada. Idan zai sayi hannun jari a naira 50, ya ƙudura fita a 46, kowane hannu yana ɗauke da kasadar naira 4, sai ya sayi 1,250 a kan naira 62,500. Amma da iyakarsa kwabo 25 ce kacal ƙasa da farashi, lissafi zai ce ya sayi 20,000, kayan naira miliyan ɗaya, ninki biyu na abin da ya mallaka. Saboda haka ake haɗa wannan ƙa'ida da wata: a sa iyaka ga jimillar kuɗin da ciniki ɗaya zai ɗauka, ko me lissafi ya ce.

Dukan ginin yana tsaye ne a kan zato ɗaya, cewa za a rufe cinikin a farashin da aka ɗora iyaka. Mafi yawan lokaci haka ne, ko da ɗan bambanci kaɗan. Amma iyakar asara umarni ne na a sayar a farashin da aka samu bayan an taɓa ta, kuma idan babu mai saye a kusa, sai a gangara har inda aka same shi. Hakan na faruwa a lokacin fitar manyan alƙaluman tattalin arziki, da kuma buɗewar kasuwa bayan hutun ƙarshen mako, inda farashi kan tsallake wuri ba tare da ya taka shi ba. Misali mafi girma shi ne ranar 15 ga Janairu, 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye shingen 1.20 da yake tsare farashin yuro da shi a kan kuɗin ƙasar tun 2011. Cikin 'yan mintuna yuro ya faɗi ƙasa da faran ɗaya. An rufe cinikin mutane nesa ƙwarai da inda suka ɗora iyaka, wasu suka wayi gari dillali na bin su bashi, kamfanin dillanci na Alpari da ke Birtaniya ya durƙushe. A irin wannan rana, iyakar taku 40 da aka rufe a taku 1,000 ta ninka asara sau 25. Mai kasadar kashi 1 ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa, ya ji jiki amma yana nan. Mai kashi 10 ya rasa jarinsa duka da ƙarin ninki ɗaya da rabi a kai.

Hanya ta biyu da kashi 1 ke kumbura a ɓoye ita ce buɗe ciniki da yawa masu tafiya tare. Wanda ya sayi EUR/USD, ya sayi GBP/USD, ya kuma sayi AUD/USD, kowanne da kashi 1, a zahiri hasashe ɗaya ya yi sau uku, cewa dala za ta yi rauni. Idan dala ta yi ƙarfi, sau da yawa iyakokin uku a rana ɗaya suke faɗuwa. Don haka masu tsari kan ƙirga irin waɗannan a matsayin ciniki ɗaya su raba kason a tsakaninsu, su kuma sa rufi ga jimillar kasadar da ke buɗe. Elder ya haɗa ƙa'idarsa ta kashi 2 da ta kashi 6: idan asarar wata, haɗe da kasadar cinikin da ke buɗe, ta kai kashi 6 na jari, a daina buɗe sabo har watan ya ƙare. Idan akwai ciniki a buɗe, akwai kuma tambayar wane adadi za a ɗauka a matsayin jari. Manhaja tana nuna Balance, wanda bai ƙirga cinikin da ba a rufe ba, da Equity, wanda ya haɗa da riba ko asarar da ke gudana. Mafi aminci shi ne a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta a cikin biyun.

Ana gane ko lissafin yana aiki ne ta littafin ciniki. A gaban kowane ciniki ana rubuta kuɗin kasadar da aka shirya da ainihin abin da aka rasa ko aka samu, sannan a raba na biyu da na farko. Van Tharp, wanda ya yaɗa wannan hanya, yana kiran kuɗin kasada R, ta yadda asarar dala 20 a kasadar dala 20 ta zama R ɗaya, ribar dala 50 kuma R biyu da rabi. A littafin da ke tafiya daidai, asarori suna taruwa kusa da R ɗaya. Idan kullum suna haura shi da ɗan kaɗan, ratar farashi ko kamasho ne ba a ƙirga ba. Idan a kaya ɗaya ne kawai suke ninkawa, darajar takun wannan kaya ce aka kuskure. Idan jefi-jefi ne suke tsalle, kuma ranakun sun dace da fitar labarai ko safiyar Litinin, tsallaken farashi ne. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ga asarar R uku da R huɗu a shafi, to iyakar ce aka riƙa matsarwa baya da hannu bayan an shiga, kuma tarihin umarni da ke cikin manhaja zai nuna sa'ar da aka yi hakan.